Shafin duba sakamako da ya ƙi buɗewa a wayar maigadi

Ana saura mako biyu a rufe zangon karatu na biyu, wani dattijo abokin mahaifina, mai makarantar kuɗi a cikin garin Gombe, ya aiko a kira ni. Ya sa wani saurayi ya gina wa makarantar shafin intanet don iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu daga gida. Ya biya rabin kuɗin aikin, sauran rabin sai an tabbatar komai ya zauna. A zangon farko an gwada shafin da aji guda, sai ƙorafi ya yi ta shigowa. Iyayen da ke Kumo da Malam Sidi da Deba suka ce ba ya buɗewa, har ma da wasu na nan Pantami da Bolari. Saurayin kuwa duk lokacin da aka kira shi sai ya buɗe laftof ɗinsa a ofis, shafin ya fito kafin a ƙifta ido, ya ce matsalar sabis ce.

Dattijon ya ce da ni, "Ɗana, ni ban san wannan harka ba. Ka duba min, ka gaya min gaskiya: in biya ko in dakata?"

Na ce, "To Baba, amma ba a kwamfutar ofis zan duba ba. A aro min wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a makarantar nan."

Wayar maigadi aka kawo, bayan an nemi izininsa. Irin ƙananan wayoyin nan ne da suka cika kasuwa, RAM ɗinta 2 GB, gilashinta ya tsage ta kusurwa, ma'ajiyarta ta kusa cika da saƙonnin murya da hotunan biki. Irinta ce a hannun yawancin iyayen da aka yi shafin dominsu, don haka ita ce za ta yanke hukunci. Na kashe wayfai, na kunna datar da ke cikinta, na rubuta adireshin, na danna agogo a tawa wayar. Fuskar ta yi fari, sannan wata 'yar da'ira ta fara juyawa a tsakiya. Maigadin ya leƙo ya ce, "Haka take yi min kullum, Malam. Ni na ɗauka wayar ce ta tsufa." Sai da aka yi minti 1 da sakan 40 kafin da'irar ta ɓace, shafin ya bayyana.

Wannan ya tabbatar da cewa iyayen ba ƙarya suke yi ba, amma bai nuna inda ciwon yake ba. Shafi yana iya nauyi a wurare biyu da ba su da haɗi: ko kayan da ake jawowa ta layi sun yi yawa, ko kuma aikin da aka ɗora wa wayar bayan kayan sun iso ya fi ƙarfinta. Maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan. Hanyar da nake bi in raba su ita ce in canza abu guda kawai a kowane gwaji. Na riga na san laftof a kan wayfai na ofis yana buɗe shafin cikin sakan 3. Sai na haɗa wayar maigadi da wannan wayfai ɗin, na goge abin da burauzarta ta adana, na sake buɗewa: sakan 11. Layi ɗaya ne, shafi ɗaya ne, abin da ya canza kawai na'ura, don haka ƙarin sakan 8 ɗin nauyin da ke kan wayar ne. Saura in ga yadda laftof mai ƙarfi zai yi a kan layi marar ƙarfi.

Awon kaya

A Chrome na kwamfuta, idan aka danna `F12` kayan aikin masu gina shafi suna buɗewa. Na shiga sashen `Network`, na sa alama a `Disable cache` don burauza ta yi kamar ba ta taɓa ganin shafin ba, na zaɓi `3G` a jerin rage gudu. A tsofaffin Chrome sunansa `Slow 3G`. Wannan zaɓi yana matse layin ya koma kamar kilobit 400 a sakan, ya kuma sa kowace buƙata ta jira sakan 2 kafin amsa ta fara zuwa. Alama a `Disable cache` ɗin nan ita mutane suka fi mantawa, kuma ita ce ke yaudarar mai gina shafi. A yawancin shafuka, shi ya buɗe aikinsa sau ɗari, hotunan duk suna zaune a kwamfutarsa, alhali uba irin na Deba yau ne zuwansa na farko.

Da shafin ya gama, layin da ke can ƙasa ya nuna `71 requests`, `6.4 MB transferred`, `9.2 MB resources`, da `Load: 2.2 min`. Lamba ta biyu ita ce abin da ya ratso layi, wato abin da aka cire wa mutum a datarsa. Ta uku ita ce girman kayan bayan an kwance su a cikin na'ura, wato abin da wayar za ta ɗauka ta sarrafa.

Daga nan lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Kamfanonin waya da kayan gwaji suna faɗin gudu da bit, girman fayil kuwa da bait ake auna shi, kuma bit 8 ne bait guda. Kilobit 400 raba 8 ya ba da kilobait 50 a sakan. Kilobait 6,400 raba 50 ya ba da sakan 128, wato minti 2 da sakan 8, kusan daidai da abin da allon ya nuna. Wayfai na ofis yana kai megabit 20, wato megabait 2.5 a sakan, shi ya sa kayan nan ɗin suke wucewa cikin ƙasa da sakan 3. Saurayin bai yi ƙarya ba da yake cewa yana buɗe masa. Layinsa ne ya ninka na iyayen sau 50.

Na danna kan `Size` don manyan fayiloli su hau sama. Biyar na farko duk hotuna ne, waɗanda suke jujjuyawa a saman shafin: ƙofar makaranta, ɗalibai a layi, ɗakin gwaje-gwaje, bikin yaye ɗalibai, da motar makaranta. Kowanne kusan kilobait 900, faɗinsa fiksel 3,000, alhali a wayar maigadi wurin da zai zauna bai kai faɗin tafin hannu ba. Su kaɗai megabait 4.5. Sai JavaScript, wato umarnin da ke sa shafi motsi da aiki, megabait 1.1, sai nau'o'in rubutu na ado kilobait 300, ragowar kuma ƙananan abubuwa.

Amma wani abu bai zauna min ba. Hoto ba ya hana rubutu fitowa. A ƙa'ida burauza tana nuna rubutu da akwatin cikewa tun hotuna suna hanya, don haka ko da nauyin nan, ya kamata uba ya ga inda zai rubuta lambar ɗansa tun kafin a je ko'ina. Me ya sa fuskar take zama fari da da'ira har ƙarshe? Ruwa ba ya tsami banza. Na bincika fayilolin samfurin da saurayin ya sauko da shi ya gina shafin a kai, na tarar da wannan:

```js
$(window).on('load', function () {
  $('#preloader').fadeOut();
});
```

Ma'anarsa, an shimfiɗa farin mayafi mai da'ira a kan dukkan shafin, kuma ba za a yaye shi ba sai `load` ya faru. Shi kuwa `load` ba ya faruwa sai hoto na ƙarshe ya gama sauka. Akwatin da iyaye suke nema yana nan a shirye tun wajen sakan 30, amma a lulluɓe, yana jiran hoton motar makaranta. Da yawa daga cikin samfuran shafi na kyauta da na sayarwa suna zuwa da irin wannan mayafi, don a layi mai gudu yana ɗaukar sakan ɗaya ne kuma yana ƙawata shafi. A layinmu shi ne yake mai da shafi mai nauyi ya zama shafin da mutane za su rantse ba ya buɗewa sam. Alamar gane shi mai sauƙi ce: idan lokacin da shafi ya fara bayyana ya yi daidai da lambar `Load`, akwai abin da ke tare shi.

Makin da aka nuna wa dattijo

Da la'asar saurayin ya iso. Yaro ne mai ladabi, kuma ya san aikinsa fiye da yadda sakamakon ya nuna. Ya ce, "Yaya, wallahi na gwada shi a PageSpeed Insights, ga ma hoton makin." Na duba, makin ya haura 80. Na nuna masa saman hoton: an zaɓi `Desktop`. Muka sake gwadawa a `Mobile`, ya faɗo 31.

Ko wannan 31 ɗin ma ban ɗauke shi a matsayin hukunci ba, kuma dalilin yana da muhimmanci ga duk wanda zai yi irin wannan aiki a nan. Gwajin waya na Lighthouse, wanda shi ne injin da ke bayan wancan maki, yana kwaikwayon waya matsakaiciya ce irin Moto G Power, a layi mai megabit 1.6, da jinkirin milisakan 150, tare da rage ƙarfin furosesa sau 4. Wannan layi ya ninka wanda na gwada da shi sau 4, wayar kuma ta fi ta maigadi. Sannan daga kwamfutocin Google ake yin gwajin, ba daga Gombe ba. Shafi zai iya cin maki mai kyau a can ya zo ya wahalar da mutumin Dukku.

Akwai wani sashe a saman rahoton da ya fi makin amfani, wanda yake nuna abin da masu amfani da Chrome na gaske suka fuskanta cikin kwanaki 28 da suka wuce. A nan ne ake duba ma'aunin da Google ya sa: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin sakan 2.5, abin da ya wuce sakan 4 kuma ya shiga sahun marasa kyau. Sai dai sashen yana buƙatar baƙi masu yawa kafin ya nuna komai, shafin makaranta guda kuwa bai kai ba. Namu babu bayani ko ɗaya. Ƙananan shafukan garinmu kusan duk haka suke, shi ya sa ba mu da makawa sai mu auna da hannunmu.

Abin da laftof ba zai iya nunawa ba

Na koma kan sakan 8 ɗin nan na wayar. A sashen `Performance` ana iya rage ƙarfin furosesar laftof sau 4 ko sau 6 don a kwaikwayi waya, kuma yana taimakawa in babu waya a kusa. Amma ga wayar a hannuna. Da yardar maigadi na shiga `Settings`, sannan `About phone`, na danna `Build number` sau 7, na kunna `USB debugging` a `Developer options`, na haɗa ta da laftof da igiyar USB, na buɗe wannan a Chrome:

```
chrome://inspect/#devices
```

Daga nan ina ganin abin da furosesar wayar take yi kai tsaye. Duk aikin da ya riƙe burauza fiye da milisakan 50 ana yi masa jan alama, domin a cikin wannan lokaci ba ta iya amsa taɓawar yatsa. A laftof jan alamun 'yan kaɗan ne. A wayar maigadi sun jeru kamar dogayen motoci a shingen bincike, mafi tsawo ya kai sakan 1.9. Shi kuma na wani akwatin hira ne da aka liƙa a kusurwar shafin, wanda babu wanda aka ɗora wa alhakin amsa saƙonsa a makarantar. Biye da shi taswirar da ke ƙasan shafi, sai na'urar juya hotuna. JavaScript ɗin da ya ratso layi a matsayin megabait 1.1, da aka kwance shi ya zama 3.4, kuma dole wayar ta karanta shi ta aiwatar. Wannan ne bambancinsa da hoto. Kilobait 100 na JavaScript ya fi kilobait 100 na hoto gajiyar da ƙaramar waya nesa ba kusa ba. A aikace, maigadi yakan taɓa akwatin lamba, babu abin da ya motsa, ya sake taɓawa, sai madannin rubutu ya fito ya koma.

Babban abin da na gano ranar kuwa ba kayan aiki ne suka nuna min ba. Wata mata ce ta zo biyan kuɗin makarantar jikarta, ta ji abin da muke yi, ta ce ita ma ta sha wahalarsa. Na ce, "Inna, ko za ki nuna min yadda kike yi?" Ta zauna a kan benci, ta buɗe shafin a wayarta, muka jira tare har ya fito. Ta rubuta lambar ɗaliba da yatsa ɗaya, a hankali, tana duba takarda. Da ta zo wurin lambar sirri sai ta fita daga burauza ta shiga saƙonni, don ta tes makaranta take turo lambar. Ta karanta ta sau biyu tana motsa leɓe, ta dawo. Shafin ya koma fari, da'ira ta fara juyawa daga farko, lambar da ta rubuta ta tafi. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka gani ko, ɗan nan? A nan nake haƙura."

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin babu kuskure ko ɗaya a abin da ta yi. Waya mai ƙaramin RAM, idan aka bar manhaja aka shiga wata, Android yakan kashe ta bayan don ya samar wa ta gaban wuri, kuma gwargwadon yadda shafi ya cinye RAM, gwargwadon saurin kashe shi. Hoto mai faɗin fiksel 3,000 da tsawon 2,000, ko da kilobait 900 ne a layi, idan aka baje shi don nunawa yana iya cin kusan megabait 24, domin kowane fiksel bait 4 ne. Ga su har biyar. Laftof mai RAM 8 GB ba zai taɓa nuna wannan ba, komai rage masa gudu da aka yi.

Duk da haka, sake buɗewar bai kamata ya ɗauki lokaci irin na farko ba, tunda kayan sun riga sun sauka. Na duba abin da sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, take faɗa game da ɗaya daga cikin hotunan:

```
curl -sI https://example.com/img/slide1.jpg | grep -i cache-control
cache-control: no-store
```

Sabar tana umartar burauza kada ta adana komai. Na tambayi saurayin, ya ce da gangan ya sa, don kada sakamakon wani yaro ya zauna a wayar aro wani ya gani. Niyyar mai kyau ce, kuma a kan shafin sakamakon kansa daidai ya yi. Kuskuren shi ne ya shimfiɗa dokar a kan kowane fayil, har hoton ƙofar makaranta. Don haka duk dawowa, megabait 6.4 ne sabo. Wanda ya gwada sau uku ya ƙona megabait 19, kusan kashi ɗaya cikin biyar na datar megabait 100 ta yini, kuma bai ga sakamakon ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutane sun ƙara sa ido a kan irin wannan asara, kuma suna da gaskiya.

Iyakar da na gindaya

Dattijo yana son amsa, ba dogon bayani ba, don haka na ba shi sharaɗi guda da kowa zai iya aunawa da agogo: a zaɓin `3G`, ba tare da komai a ma'ajiyar burauza ba, akwatin lamba ya fito kuma ya karɓi rubutu cikin sakan 10. Wannan iyaka tawa ce, ba ta wata hukuma ba. Na ɗauko ta ne daga iyakar haƙurin da na ga mutane suna yi kafin su fara zargin sabis.

Daga sakan 10 ɗin ake fitar da nauyin da shafi zai iya ɗauka. Buƙata ta farko, ta shafin kansa, tana cin sakan 2 na jira. Sai burauza ta karanta shi ta nemi fayil ɗin tsari, wani sakan 2. Saura sakan 6, a kilobait 50 kowane sakan, ya ba da kilobait 300. Duk abin da dole ya sauka kafin akwatin ya yi aiki kada ya wuce haka.

Lissafin ya nuna wani abu kuma, cewa jira yana cin lokaci ko da kayan ba su da nauyi. Adireshin da makaranta ta yaɗa a WhatsApp da `http://` ya fara, sabar ta tura shi `https://`, ta sake tura shi mai `www`. Zirga-zirga biyu ke nan kafin a samu harafi ɗaya na shafin. Sannan nau'in rubutu yana zuwa daga wata sabar, jQuery, wani ƙunshin JavaScript, daga wata. Kowace sabuwar sabar sai waya ta nemi adireshinta, ta ƙulla haɗi, ta yi musabahar tsaro, sannan ta roƙi fayil: zuwa da dawowa kusan 4. Idan kowanne milisakan 300 ne, an ci sakan 1.2 kafin kaya su fara motsi. Rage gudun da Chrome yake yi ba ya kwaikwayon wannan musabaha yadda take, haka kuma ba ya kwaikwayon layin da ke yankewa ya dawo. Shi ya sa na ce bayan gwajin laftof, dole a maimaita a waya ta gaske, a wurin da iyayen suke.

Gyaran bai ɗauki saurayin fiye da kwana uku ba. Ya ware wa duba sakamako shafinsa daban, babu hotuna masu juyawa, babu taswira, babu akwatin hira, babu mayafi: tambarin makaranta, akwati biyu da maɓalli guda. Ya bar rubutun da ke cikin waya ya yi aiki maimakon na ado. Tambarin ya rage shi da manhajar matse hoto ta Squoosh zuwa nau'in WebP mai kilobait 18. Dukkan shafin ya tsaya a kilobait 46. Ya mai da fom ɗin irin na asali wanda yake aikawa ko babu JavaScript, abin da ya warware wata matsalar da muka gani a Opera Mini: a yanayin `Extreme`, sabar Opera ce take sarrafa shafi ta turo shi a matse, ana kuma taƙaita JavaScript, don haka tsohon maɓallin yakan sake loda shafin ne kawai ba tare da sakamako ba. `no-store` ya rage a kan sakamakon kaɗai, hotuna da fayil ɗin tsari kuma aka ba su izinin zama wata guda:

```
Cache-Control: public, max-age=2592000
```

Babban shafin makarantar ya ci gaba da zama da hotunansa, don dattijo yana son su kuma haƙƙinsa ne, amma an rage faɗinsu zuwa fiksel 800, aka sa wa na ƙasa `loading="lazy"` don kada su sauka sai an gangaro kusa da su. Ya sauko daga megabait 6.4 zuwa kilobait 640. Mun kuma canza tes ɗin da ake tura wa iyaye: cikakken adireshi mai `https://www` yana ciki tare da lambar sirri, an kuma mai da akwatin lambar sirri na farko, don mutum ya rubuta ta tun tana sabuwa a kansa.

A laftof, a zaɓin `3G`, akwatin ya fito cikin sakan 5. Ranar Asabar na hau mota zuwa Malam Sidi da wayar maigadi, shi kuma na bar masa tawa. Na zaɓi bayan magariba da gangan, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya. Sandunan sabis da ke saman fuska ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke rabon turken, shi ya sa za ka ga sanduna cike amma abu ya ƙi motsi. Harafin da ke gefensu ya fi ba da labari, kuma a daren yana ta sauyawa tsakanin `H+` mai ɗan gudu da `E` mai jinkiri. Na gwada sau biyar, ina goge ma'ajiyar burauza kowane karo, domin gwaji ɗaya a layin waya ba hujja ba ne. Na samu sakan 4, 6, 5, 13 da 6. Na tsakiya 6, mai 13 ɗin kuwa lokacin da layin ya faɗa `E` ne. Na rubuta lamba, na fita zuwa saƙonni, na daɗe, na dawo: shafin yana nan da lambar a ciki. Don kwatance na buɗe tsohon shafin da muka ajiye a wani adireshi, ya wuce minti 3 da'irar tana juyawa, na rufe shi.

Abu ɗaya ya rage wanda ban amince da shi ba. Takardar sakamakon da ake saukewa don bugawa PDF ce mai megabait 1.8, saboda an liƙa mata hoton hatimi da sa hannu ba tare da an rage su ba. A kilobait 50 a sakan, wannan sakan 36 ne. Na rubuta wa dattijo cewa shafin dubawa ya cika sharaɗi, ya biya saurayin kashi uku cikin huɗu na ragowar kuɗinsa, sauran kuma idan takardar ta sauko ƙasa da kilobait 200 kuma makin ɗalibi yana fitowa a rubuce a kan shafi kafin a nemi kowa ya sauke wani abu. Saurayin ya karanta, ya ce zai kawo ranar Laraba. Na kashe `USB debugging`, na saya wa maigadi datar da na ƙona masa, na mai da masa wayarsa.